Buhu nawa zai rage kafin a sake yin odar fulawa?

Mai gidan burodi ba ya tsoron komai kamar ranar da ma'aikata suka hallara, an hura tanda, aka buɗe sito aka tarar fulawa ba za ta kai yamma ba, motar dila kuma sai jibi. Laccar yau a kan adadi ɗaya take, wato matakin sake oda: yawan kayan da, da zarar sito ya sauko kansa, dole a kira dila a ranar.

A ɗauki misalin gidan burodi a Kano mai sayen fulawa buhu-buhu, mai kilo 50, a wajen dila a Kasuwar Singa. A ce littafin sito ya nuna ana cin buhu 20 a rana a matsakaici, kuma daga yin oda zuwa sauke kaya kwana 4 ne. Cikin kwanakin jiran nan za a ci buhu 80. Wanda ya tsaya a kan 80 ya yi kasada babba, domin matsakaici tsakiya ne kawai: kusan rabin lokuta cin zai wuce haka, fulawa ta yanke kafin mota ta iso. Abin da ake ɗorawa a kan 80 ɗin shi ne kayan ko-ta-kwana.

'Yan kasuwa da yawa suna lissafa shi da rana mafi ci. Idan an taɓa cin buhu 30, sai su ɗauki rarar buhu 10 su ninka sau 4, su ajiye 40, matakin ya zama 120. Hanyar tana da sauƙi, amma tana ɗaure jari a banza, don ta ɗauka cewa kwana huɗun duka za su zo da ci mafi yawa a jere. Da wuya hakan ta faru. Yau a ci 26, gobe 15, rarar wata rana ta cike giɓin wata.

Hanya mafi inganci tana farawa da auna yadda cin kullum yake kaucewa daga matsakaici. A zuba alƙaluman kwana 60 ko fiye a Excel, a sa STDEV.S ya fitar da ma'aunin kaucewar. A ce ya ba da buhu 5. Saboda ranakun suna cike wa juna, ba a ninka 5 da 4, sai dai da √4, wato 2, kaucewar kwanakin jira ta zama buhu 10. Daga nan mai gida ya zaɓi irin kariyar da yake so. Idan ya yarda kaya su yanke sau ɗaya a cikin oda 20, wato kariyar kashi 95 cikin 100, zai ninka 10 da 1.65, ya samu 16.5, a cike shi 17. Matakin sake oda ya zama buhu 97. Idan kashi 99 yake so, lambar ita ce 2.33, ko-ta-kwana ya koma 24, matakin 104. Buhu bakwai ne tsakani, shi zai auna kuɗinsu da asarar yini guda babu gashi.

Duk wannan lissafi ya ginu ne a kan cewa mota tana zuwa rana ta huɗu ba fashi, kuma nan ne ya fi ruguje wa mutane. Tirela takan lalace a hanya, dila kan ce kaya ba su iso daga kamfani ba. A ce kwanakin jiran ma suna kaucewa da kwana 1. Jinkirin kwana ɗaya buhu 20 ne cur, alhali kaucewar cin kwana huɗu gaba ɗaya 10 ce. Ana haɗa su haka: √(10² + 20²), ya ba da kusan 22.4, a ninka da 1.65, ko-ta-kwana ya tashi zuwa 37, matakin ya kai 117. Rashin tabbacin dila kaɗai ya ƙara buhu 20 da za su zauna a sito. Saboda haka rubuta ranar oda da ranar sauke kaya ya zama wajibi kamar rubuta cin kullum, kuma dila mai cika alkawari, ko farashinsa ya ɗan ɗara, sau da yawa ya fi araha.

Wajen aiki da adadin, a ƙidaya abin da ke sito haɗe da wanda aka yi oda bai iso ba, in ba haka ba za a yi oda biyu a kan buƙata ɗaya. Buhun da ya jiƙe ko ƙwari suka shiga, a cire shi daga lissafi. Alƙaluman watan zafi kuma ba sa aiki a hunturu, lokacin da masu shayi ke ƙara ɗiba, haka ma azumi da nasa tsarin. Kowanne a sake masa matsakaici da kaucewa. Littafin sito da kansa zai nuna ko an dace: idan a oda 20 fulawa ta yanke sau uku ko huɗu, matakin ya yi ƙasa, idan kuma kullum mota na tarar da buhu 50 a jibge, sai a rage shi.