Zanen Farashi Iri Biyu: Ma'aunin Tarawa Da Ma'aunin Ninkawa



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne zanen nan mai hawa da gangara da ake nuna wa mutum a waya, a ce masa ya dubi yadda farashin wata kadara ya tashi cikin shekara goma, don haka ya kawo kuɗinsa. Da yawa daga cikinmu an nuna mana shi, wasu ma har da kuɗin sallamarsu aka yi wa tayin. Sai dai farashi ɗaya ana iya zana shi ta hanya biyu, kowacce kuma da labarin da za ta ba ka.

Bambancin yana a lambobin da ke jere a gefen zanen. A hanya ta farko, wadda na kira ma'aunin tarawa, Bature kuwa ya ce liniya, kowane mataki ƙarin kuɗi iri ɗaya ne: 20,000, 40,000, 60,000. A hanya ta biyu, ma'aunin ninkawa, kowane mataki ninki ne: 10, 100, 1,000, 10,000. Wannan shi ne logaridim ɗin da muka sha wahalarsa a ajin lissafi da ɗan littafin nan mai cike da lambobi, muna tambayar malam ranar da zai yi mana amfani. To, ga ranar ta zo.

Bari mu ɗauki Bitkoyin, domin shi ne aka fi yawo da zanensa. A ƙarshen 2013 ya kai wajen dala 1,100, sannan ya faɗo zuwa wajen 170 a Janairun 2015. A Disambar 2017 ya kusa 20,000, bayan shekara guda ya dawo wajen 3,200. A Nuwambar 2021 ya taɓa wajen 69,000, a Nuwambar 2022 ya sauko wajen 16,000. A Disambar 2024 kuma ya haye 100,000 a karo na farko.

Yanzu a samo takarda da rula, a ja layi mai tsawon santimita 20. In aka yi ma'aunin tarawa daga sifiri zuwa 100,000, kowace santimita dala 5,000 ke nan. Faɗuwar farko, ta dala 930, ba ta cika milimita biyu ba. Kaurin bakin alƙalami ma ya kusa rufe ta. Faɗuwar 2022 kuwa, ta dala 53,000, ta haura santimita goma, fiye da rabin takardar. Duk wanda ya duba zai rantse cewa shekarun farko lafiya lau aka yi, sai daga baya masifa ta auku. Alhali wanda ya saya a 1,100 ya yi asarar kusan kashi 85 cikin ɗari, wanda ya saya a 69,000 kuwa kashi 77. Wato na farkon ya fi shan kashi, amma zanen ya binne labarinsa.

Sai a juya takardar a yi ma'aunin ninkawa, daga 10 zuwa 100,000. Matakai huɗu ne, kowanne santimita biyar, kowanne kuma ninki goma. A nan duk inda farashi ya ninka sau biyu zai hau santimita ɗaya da rabi, ko daga 100 zuwa 200 ne, ko daga 50,000 zuwa 100,000. Faɗuwar farko ta zama santimita huɗu, ta 2018 ita ma kusan huɗu, ta 2022 uku da 'yan kai. Ga ramuka uku sun fito a jere, kusan zurfinsu ɗaya. Mai niyyar saye ya ga halin abin ke nan: sau uku cikin shekara tara yana cinye kashi uku cikin huɗu na kuɗin wanda ya shiga a ƙololuwa, ko fiye.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan ɓoyuwa. Daga ƙololuwar 2013 zuwa ta 2017 an ƙara wajen dala 19,000, daga ta 2017 zuwa ta 2021 an ƙara 49,000. A ma'aunin tarawa sai ka ga kamar gudun ƙaruwa yake yi, layin ya miƙe sama kamar hasumiya. Amma tashin farko ninki goma sha takwas ne, na biyu ninki uku da rabi kawai. A takardarmu ta biyu, na farko ya wuce santimita shida, na biyu bai kai uku ba. Layin yana hawa, amma yana rusunawa. Wanda ya zuba naira dubu ɗari ba ruwansa da yawan dalar da aka ƙara wa tsabar. Abin da ya dame shi shi ne sau nawa dubu ɗarinsa ta ninka. Shi ya sa a ra'ayina, duk kadarar da ta ninka fiye da sau goma a tsawon lokacin da aka zana, da ma'aunin ninkawa ya kamata a fara dubanta.

Amma fa 'yan'uwa, shi ma yana da nasa rufa-ido. Yana sa bala'i ya yi kama da ɗan tuntuɓe. Ramin nan na santimita uku, wanda ido zai raina, ma'anarsa miliyan ɗaya ta koma dubu ɗari biyu da talatin, kuma sai farashi ya ninka fiye da sau huɗu kafin mai ita ya ga uwar kuɗinsa. In kana da kuɗin makarantar yara da za ka biya a wata mai zuwa, lissafin naira nawa ta rage shi ne naka, kuma ma'aunin tarawa ne ke faɗa maka wannan ba tare da kwana-kwana ba. Haka nan in kwana talatin kawai ake dubawa, farashin bai yi wani nisa ba, da wuya ka bambanta zanen biyu.

Sannan ma'aunin ninkawa ba shi da sifiri. Ana ta rabawa da goma, 1, 0.1, 0.01, ba a isa ƙasa. Saboda haka mai talla yana iya farawa daga lokacin da tsabar ba ta kai dala ɗaya ba, ya cika rabin takarda da ribar da kusan ba wanda ya samu. Abin da ya gangara ƙasa da sifiri kuwa, kamar farashin kwantiragin ɗanyen man Amirka a Afrilun 2020, ba ya zanuwa a kansa sam.

A yi hattara kuma da miƙaƙƙen layin da ake ɗorawa a kan zane a ce ga inda farashi zai kai. A ma'aunin tarawa, miƙaƙƙen layi yana nufin ƙarin dala kaza duk shekara. A na ninkawa, yana nufin ninki kaza duk shekara ba fashi, wanda alkawari ne mai nauyin gaske. Layin da farashi ya karya a zane ɗaya, a ɗayan wataƙila ko kusa da shi bai je ba.

Gane wanda aka miƙo maka ba wuya. Dubi lambobi uku a jere a gefe: in tazarar 10,000 zuwa 20,000 daidai take da ta 20,000 zuwa 30,000, tarawa ne, in ta biyun ta fi ƙanƙanta, ninkawa ne. A TradingView akwai zaɓin Log a wajen lambobin farashi. A Excel kuwa sai a shiga Format Axis a zaɓi Logarithmic scale. In hoto kawai aka turo maka, an yanke lambobin gefen, sai ka ce wa mai shi ya sake turowa da su, ya kuma haɗo da shekarar da aka fara zanen.