Gwajin Sukari na Wata Uku da Masu Sikila

Gwajin HbA1c yana auna sukarin da ya manne wa haemogilobin cikin jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda kan rayu kimanin kwana 120. Kashi 6.5 cikin ɗari zuwa sama na nuna ciwon sukari.

Sai dai a wajen mai sikila, ƙwayoyin kan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, tun sukari bai gama mannewa ba. Sai sakamako ya fito ƙasa, alhali sukari ya hau. Ƙarancin sinadarin ayon kuwa yakan ɗaga sakamakon. Ko a wajen mai AS ko AC, wata na'urar takan ruɗe, wata ta karanta daidai.

Idan sakamakon ya saɓa da awon ɗan yatsa na kullum, likita kan koma ga gwajin furuktosamin, mai duba mako biyu zuwa uku.