Layin da Ke Kan Katin Awo



Iyayena mata, na san wasunku kan ce, yaro yana wasansa lafiya lau, me zai kai shi awo? Dalilin shi ne idon uwa ba ya ganin ramar da ke zuwa a hankali, domin kullum tana tare da yaron. Sikeli kuwa yana gani.

Jariri kan zo duniya da kimanin kilo 3. Kafin wata shida nauyin ya ninka, a shekara ɗaya ya kai ninki uku. Amma awon rana ɗaya ba ya gaya mana komai sosai. Abin da muke bi shi ne layin da ke haɗa ɗigon wannan wata da na watan jiya.

A ɗauka yarinya ce mai kilo 7.3 a wata shida. A wata bakwai ta kai 7.6, madalla. A wata takwas tana nan a 7.6, a wata tara ta sauko 7.4, alhali ya kamata ta haura kilo 8. Wanda ya auna ta ranar kawai zai ce ba laifi, don nauyin bai faɗa cikin haɗari ba. Mai riƙe da katin kuwa tun wata takwas zai tambaya: ta yi gudawa ko zazzaɓi? Sau nawa take cin abinci? Sau da yawa sai a tarar koko ne tsararo ake ba ta, ya cika ciki ba ya gina jiki. A nan gyaran mai sauƙi ne: a ci gaba da ba ta nono, a yi kunun da kauri, a zuba garin ƙuli-ƙuli ko waken suya da ɗan manja, a ƙara ƙwai, sau uku zuwa huɗu a rana. In an bari sai tamowa ta kama ta, magani ne na makonni.

Tsawo kuma labarinsa daban. Nauyi kan faɗi cikin mako guda ya dawo, amma tsawo a hankali yake tsayawa, kuma yaron da ya tsumbure kafin shekara biyu da wuya ya cike gurbin. Daga kimanin santimita 50 a haihuwa ya kamata ya kai wajen 75 a shekara ɗaya. Shi ya sa muke kwantar da shi a kan allo, ke ki riƙe kansa, ni in miƙe gwiwoyinsa, ko yana kuka.

Sikeli ma yana da iyaka. Kumburi yana ƙara nauyi, don haka muke danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa. In gurbin ya zauna, asibiti za a tafi a ranar.

Don Allah ku cire masa kaya masu nauyi kafin awo, ku zo da katin kowane wata, kuma kada ku tashi sai an nuna muku inda layin ya dosa.