Surar Da Ke Kan Daɓe: Dabaru Biyu Da Inda Kowace Ke Gazawa



Duk wanda ya taɓa wasan kwamfuta ya ga daɓe mai sheƙi ko kududdufi yana nuna surar abin da ke kewaye da shi, kamar madubi. Wasan da ke nuna hoto 60 a kowace daƙiƙa yana da kashi ɗaya ne kacal cikin 60 na daƙiƙa don zana kowane hoto, saboda haka masu tsara wasanni suka daɗe suna dogara ga dabaru biyu masu araha. A manhajar Unity ana kiran ta farko Reflection Probe, mu za mu ce mata furob. Ta biyu kuwa ita ce Screen Space Reflections, wadda kuke gani cikin saitin wasanni an taƙaita ta da SSR. Kowace tana da abin da ba ta iya gani, kuma ɗaki guda ya ishe mu mu nuna wannan.

Mu ƙaddara wani zaure mai tsawon mita 10, mai tsayin mita 3, da daɓe gogagge. Kyamara tana bakin ƙofa, mita 1.6 daga ƙasa. A bangon ƙurya akwai fitila, mita 2.4 daga ƙasa. Idan ido ya dubi daɓe a tazarar mita 4, kibiyar gani za ta sauka mita 1.6 cikin tafiyar mita 4, watau 0.4 a kowace mita. Daga nan sai ta tashi da wannan gwargwado. Saura mita 6 ta kai bango, 6 sau 0.4 kuwa 2.4 ne. Ashe a daidai wurin nan ya kamata a ga surar fitilar. Wannan ita ce amsar gaskiya, da ita za mu auna dabarun biyu.

Furob wata kyamara ce da ake kafawa a wuri guda, ta ɗauki hoto shida: gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Ana haɗa su kamar fuskokin akwati, dabarar da Ned Greene ya bayyana tun 1986. Idan ɗigo a kan daɓe yana neman surarsa, sai ya miƙa wa akwatin alƙiblar kibiyarsa, a ba shi launin da ke wannan alƙibla. To amma alƙibla kaɗai ake tambaya, ba a tambayar inda kibiyar ta taso. Bari mu kafa furob ɗinmu a tsakiyar zaure, mita 5 daga bango, mita 1.5 daga ƙasa. Kibiyar da ta tashi daga nan tana hawa 0.4 a kowace mita za ta bugi silin bayan mita 3.75, tun ba ta kai bango ba. Sakamakon haka, inda ya kamata a ga fitila a daɓe, silin za a gani. Kuma in mai wasa ya yi tafiya, surar za ta riƙa zamewa tare da shi kamar ba ta da gindin zama.

Akwai gyara, wanda Sébastien Lagarde da Antoine Zanuttini suka gabatar a taron SIGGRAPH na 2012, a Unity kuma ana kiran irinsa Box Projection. Ana gaya wa injin girman ɗakin, shi kuma ya fara lissafa inda kibiyar gaskiya ke bugun bango, watau mita 2.4, sannan ya duba wannan wuri daga mazaunin furob. Fitila ta koma inda ya dace. Sai dai gyaran ya ɗauka cewa ɗakin fanko ne. In akwai ginshiƙi a tsakiya, surarsa za ta manne a bango kamar fenti, gindinsa kuma ba zai haɗu da gindin surarsa a daɓe ba.

Babbar gazawar furob ita ce lokaci. Galibi tun kafin a fara wasa ake ɗaukar hotunan nan, saboda haka mutum zai ratsa zauren ba tare da daɓe ya san da shi ba. Ana iya sabunta su ana cikin wasa, amma wannan na nufin sake zana fagen sau shida. Unity takan yarda a rarraba aikin a kan hoto 14, wanda ya kusa rubu'in daƙiƙa, sai sura ta riƙa bin mai ita a baya.

SSR, wadda ta yi suna bayan wasan Crysis 2 na kamfanin Crytek a 2011, ta bi wata hanya dabam. Ba ta ajiye kome. Hoton da aka riga aka zana a allo take amfani da shi, tare da taswirar da ke faɗin nisan kowane ɗigo daga kyamara. Tana tura kibiyar taki-taki a kan allo, a kowane taki tana kwatanta nisan kibiyar da nisan abin da ke wurin. Inda kibiyar ta shige bayan wani abu, an ce ta buge shi, sai a kwafo launinsa. A zaurenmu za ta sami fitila daidai, mai tafiya ma zai fito da surarsa manne da ƙafarsa. Abin da furob ya kasa ke nan.

Yanzu bari mai wasa ya sunkuyar da kai. A ce kyamarar tana ganin digiri 60 daga sama zuwa ƙasa, watau 30 kowane ɓangare. Tana kallon gaba, fitila tana wajen digiri 5 sama da tsakiya, wurin daɓen nan kuma yana wajen digiri 22 ƙasa, duka suna cikin allo. Da ta sunkuya digiri 30, bakin allo na sama ya dawo daidai tsayin ido, duk abin da ya haura mita 1.6 a bango ya fita. Fitila ta fita, surarta ta ɓace, alhali wurin daɓen ya matso kusa da tsakiyar allo, inda idon mai wasa yake. Abin takaici shi ne, lokacin da mutum ya sunkuya don ya duba surar da kyau, a lokacin take gudu.

Haka nan allo bai san bayan abu ko ƙarƙashinsa ba. Daɓe ya kamata ya nuna ƙasan teburi, amma kyamara samansa kawai ta gani. Madubin da ke fuskantar kyamara ba zai nuna fuskar jarumin da muke kallo ta ƙeya ba. Taswirar nisa kuma ba ta faɗin kaurin abu, dole a ƙiyasta mata. In an ƙiyasta da yawa, siririyar ƙafar teburi za ta ja dogon zane a daɓe, in kuma an yi kaɗan, kibiya ta tsallake ta, surar ta fito da huji.

Saboda haka ake gama su: a gwada SSR, inda ta rasa amsa furob ya cike gurbin, ana dusashe ta sannu a hankali kusa da bakin allo. Tun 2018 katunan zane masu bin kibiyar haske cikin fagen kansa sun shigo kasuwa, amma aikin yana da tsada, har yau ana komawa ga dabarun nan biyu.

A ra'ayinmu kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su kunna SSR tun farko, ta rufe musu aibin furob. Ku kashe ta tukuna, ku daidaita akwatin da bangon ɗaki, ku sa wa kowane ɗaki nasa furob, kada hasken tsakar gida ya bayyana a daɓen ƙurya. Bayan kun kunna ta, ku tsaya wuri guda ku ɗaga kyamara ku sunkuyar: surar da ta ɓace ta SSR ce. Sannan ku yi tafiya kuna kallon gaba: surar da ta zame ta furob ce. In kuwa fitila ta yi tsalle daga wuri zuwa wuri yayin da ɗaya ke miƙa wa ɗaya, to akwatinku ne bai yi daidai da ɗakin ba.