SA HANNU A SHAFIN ƘARSHE BAI ISA BA: LACCA A KAN TAKARDAR KASAFIN KUƊI



Yau za mu yi magana a kan yadda ake tsare takardar kasafin kuɗi tun daga zubin farko har ranar da aka sa mata hannu. Bari mu fara da abin da ya faru a idon kowa.

Ran 22 ga Disamba 1915 ba mu nan, amma ran 22 ga Disamba 2015 muna nan, sa'ad da Shugaba Muhammadu Buhari ya ajiye kasafin 2016 gaban Majalisar Tarayya, na naira tiriliyan 6.08. Cikin Janairu 2016 sai aka ji Majalisar Dattijai tana cewa takarda ta ɓata, daga baya aka ce iri biyu ne ke yawo. Cikin Fabrairu Ministan Lafiya ya ce abin da ke gaban kwamiti ba shi ne ma'aikatarsa ta miƙa ba. Majalisa ta zartar cikin Maris, amma Shugaba ya ƙi sa hannu sai ya ga bayanin kuɗin dalla-dalla. Sai ran 6 ga Mayu aka sa hannu, a kan tiriliyan 6.06. Watau wata huɗu na shekara sun wuce ana gardamar wace takarda ce ta gaskiya.

To, in haka ta sami manya masu akawuna da hatimi, ina ga ƙungiyarmu ta kasuwa?

A ce kasafinmu na shekara naira 600,000 ne. Zubi na 1 ya ba masu gadi 240,000, kwasar shara 120,000, gyaran rumfuna 180,000, ajiya 60,000. Taro ya zauna ya ce a ɗebi 20,000 daga ajiya a ƙara wa shara. Wannan zubi na 2 ke nan: shara 140,000, ajiya 40,000. Shugaba da ma'aji da magatakarda suka sa hannu a shafin ƙarshe, inda jimla take. Da dare wani ya zare shafin tsakiya ya sa sabo: rumfuna 130,000, hidimar baƙi 50,000. Ku lissafa, jimla tana nan 600,000, sa hannu kuma yana nan. Ba wanda zai farga sai damina ta zo rumfa tana yoyo a kan kayanku.

Maganin wannan abu uku ne.

Na ɗaya, kowane zubi a ba shi lamba da kwanan wata, a rubuta a kan kowane shafi: zubi na 2, shafi na 2 cikin 3. Kada a goge, kada a yaga tsohon zubi. A ja masa layi, a rubuta an soke, a ajiye. Hoton da ke yawo cikin waya ba lamba, ba kwanan wata, kada ku karɓe shi.

Na biyu, a buɗe littafin canji. Duk adadin da aka taɓa a ba shi layi guda: da nawa ne, yanzu nawa ne, wa ya nema, wane taro ya yarda, a wace rana. A misalinmu layi biyu kurum za a gani, shara da ajiya. Nan ake kama ɓarawo, domin in aka ɗauki zubi na 1 aka bi littafin layi layi, tilas a iso daidai zubi na 2. Hidimar baƙi ba ta da layi, saboda haka ta taga ta shigo.

Na uku, mai sa hannu ya sa a kowane shafi, ya rubuta da hannunsa lambar zubin da ya yarda da shi, da rana. Wanda bai iya rubutu ba a karanta masa gaban shaidu, ya dangwala yatsa. In aka canja ko da kwabo bayan mutum ɗaya ya sa hannu, hannun nan ya mutu. Sai a fitar da zubi na 3, a sake zagayawa daga farko. Kada ma'aji ya fitar da kuɗi sai a kan zubin da hannu uku suka cika.

Amma kada mu ruɗi kanmu. In su ukun suka haɗa baki, takarda ba ta da bakin yin ƙara. Saboda haka zubin ƙarshe a karanta shi a bainar jama'a adadi bayan adadi, a lika kwafi a ƙofar ofis, a ba wani dattijo da ba ya cikin kwamiti kwafi ɗaya ya riƙe.

Ran taro mai zuwa, in aka kawo muku takarda, tambaya uku muke so ku yi: zubi na nawa ne wannan? Ina littafin canji? Wa ya sa hannu, a wane shafi? Wanda ya fusata don an tambaye shi, to, ku ƙara duba shafin tsakiya.

Allah ya tsare mana guminmu. Wassalam.