Saƙon Turanci: Lokaci da Kuɗi Su Fito Fili



A Gangara ta Gazawa, Hausa muke yi a gida, Faransanci muka koya a makaranta. Amma idan kasuwanci ya haɗa mu da kamfanonin Kano ko Katsina, sau da yawa sai an rubuta saƙo da Turanci.

A nan Faransanci ke yi mana tarko. Ga misali ɗaya. Magatakardan ƙungiyar manoma zai aika da wake Katsina. Sai ya rubuta lokacin zuwan mota da 14h. Mu mun san ƙarfe biyu na rana ke nan. Mai karatu a can bai saba da haka ba. Rubuta masa 2 pm. Sunan wata ma, rubuta shi da haruffa.

Haka batun kuɗi. Mu waƙafi muke sawa a madadin ɗigon lissafi, su kuwa da waƙafi suke raba dubbai. Don haka rubuta jimillar da lamba, ka sake rubuta ta da kalmomi. Ka kuma faɗa: sefa ce ko naira?

Kafin ka tura, duba lokaci, duba kuɗi. Mu kwana lafiya.