Haraji Biyu a Kan Riba Ɗaya: Jawabi ga 'Yan Kasuwarmu Masu Ƙafa Biyu, Ɗaya a Gida Ɗaya a Maraɗi



An nemi mu yi magana a kan haraji. Mun san wannan kalma ba ta da farin jini a ƙasar nan. Manya daga cikinmu suna iya tuna zamanin da dagaci kan bi gida-gida da kundi, har zuwa 1979 lokacin da gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina take ciki a lokacin. Amma harajin da za mu yi magana a kansa yau wani ne daban: harajin kuɗin shiga, da yadda ƙasa biyu kan nemi kasonsu daga riba ɗaya ta mutum ɗaya.

Mu mutanen Bugaje da sauran ƙasar Jibiya abin ya fi shafa, domin iyakar da Ingilishi da Faransi suka shata a farkon ƙarni na ashirin ba ta raba zumunci ba, ba ta kuma raba ciniki ba. Mutum na iya karya kumallo a nan, ya bi ta Magama da Ɗan Isa, ya yi azahar a shagonsa na Maraɗi. Ga hukuma kuwa, wannan mutum ya shiga ƙarƙashin doka biyu. Nijeriya tana cewa: kai mazaunina ne, don haka duk abin da ka samu a ko'ina cikin duniya ina da kaso a ciki. Nijar kuma tana cewa: a ƙasata aka yi cinikin, a nan ribar ta tsiro, ni ma ina da kaso. Kowace tana da hujja, kuma babu wadda ta karya dokarta. Ɗan kasuwa ne a tsakiya.

Kafin mu ci gaba sai mu ware wani abu da kan rikita mutane. Kuɗin fito na kwastan, da kuɗin rumfar kasuwa, da harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye, balle abin da ake miƙawa a shingen hanya ba rasit, duk ba su cikin wannan magana. Kuka ne na gaskiya, amma maganinsa daban. Sauƙin da doka ta tanada ya tsaya ne ga harajin da aka ɗora a kan riba ko kuɗin shiga kaɗai.

Hanya biyu ƙasashe suka samo ta rage wannan nauyi. Ta farko ita ce ƙasar da mutum yake zaune ta ɗebe masa abin da ya riga ya biya a waje. Sabuwar dokar haraji ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2025 ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ta ba da wannan dama ko da babu yarjejeniya da ƙasar da aka biya harajin. Sai dai akwai iyaka, kuma a nan ne lissafi yake. Ana duba abu biyu: abin da mutum ya biya a waje, da kason harajin Nijeriya da ya faɗa kan kuɗin da aka samo a waje. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu shi ake ɗebewa.

Bari mu koma allo, kamar yadda muka saba. A ce wani Alhaji, mazaunin Bugaje da iyalinsa, yana da shago a Jibiya da ya ba shi ribar naira miliyan 4 a shekara, bayan an fitar da duk abin da doka ta yarda a fitar. Yana da wani shagon a Maraɗi, wanda ribarsa in an juya sefa zuwa naira ta kama miliyan 2. Nijeriya za ta haɗa duka, miliyan 6 ke nan. A tsarin sabuwar doka, naira 800,000 ta farko ba haraji a kanta. Miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari, wato 330,000. Ragowar miliyan 3 ana karɓar kashi 18, wato 540,000. Jimlar harajinsa naira 870,000. Ribar Maraɗi kuwa sulusin dukiyar da aka lissafa ce, biyu cikin shida, saboda haka sulusin harajin ne ya faɗa kanta: naira 290,000. Wannan adadi shi ne rufin ɗaki. Ba a wuce shi.

To, a ce ofishin haraji na Maraɗi ya karɓi abin da ya yi daidai da naira 200,000. Wannan bai kai rufi ba, sai a ɗebe masa duka. Zai biya 670,000 a gida, jimlar abin da ya fita daga aljihunsa a ƙasashen biyu 870,000, daidai da wanda ya yi duk cinikinsa a Jibiya. Da bai nemi a ɗebe masa ba, da ya biya 1,070,000.

Yanzu a ce abin da aka karɓa a can ya kai kashi 30 cikin ɗari na ribar, wato naira 600,000. Nijeriya ba za ta ɗebe masa fiye da 290,000 ba. Zai biya 580,000 a gida, ga 600,000 a can, jimla 1,180,000. Ragowar 310,000 ta tafi, babu mai mayar masa. Wasu kan ga kamar an yi musu rashin adalci a nan. Mu dai a ganinmu hukuma tana da gaskiya: ta yafe kasonta na ribar Maraɗi ɗungurungum, amma ba za ta taɓa harajin shagon Jibiya don ta biya wa wata ƙasa ba. Abin da wannan hanya take yi shi ne mutum ya ƙare da biyan mafi tsada daga cikin harajin ƙasashen biyu, ba dukansu a haɗe ba.

Akwai kuskure guda da muka sha gani wurin masu cike wa mutane takardu. Sai su rubuta harajin waje cikin kuɗin da aka kashe a kasuwanci, tamkar kuɗin mota ko na lebura, maimakon su nemi a cire shi daga harajin kansa. Ku duba bambanci. In an cire 200,000 daga miliyan 6, abin da ya ragu daga haraji kashi 18 ne na wannan kuɗi, naira 36,000 kacal. In an cire shi daga harajin, 200,000 ce cif. Layi ɗaya a takarda, asarar naira 164,000.

Hanya ta biyu ita ce yarjejeniya tsakanin ƙasashe. Tun zamanin Majalisar Ƙawancen Ƙasashe, a shekarun 1920, aka fara tsara samfurinta. Aikinta ya zarce ɗebe kuɗi. Tana raba gardama tun daga tushe, ta faɗi wa ke da ikon karɓa. Gida ko gona, ƙasar da suke cikinta ita ce da ikon farko a kan hayarsu. Ribar ciniki kuwa, ƙasar waje ba ta taɓa ta sai in mutum yana da kafaffen wurin kasuwanci a can, kamar shago ko ofis ko masana'anta. Wanda ya sayar da kaya daga shagonsa na Jibiya aka ɗora a mota zuwa Maraɗi, bai kafa komai a can ba. Ranar da ya kama rumfa ya sa yaro, labari ya sake.

Yarjejeniya kuma ita ce ke warware matsalar da ta fi kowace kama da rayuwarmu: mutumin da ƙasa biyu kowace ke cewa mazauninta ne. Dokarmu tana ɗaukar mutum mazauni in ya yi kwana 183 a ƙasar cikin wata goma sha biyu, ko kuma in nan ne gidansa na dindindin. To yaya za a yi da mai uwargida a Bugaje da amarya a Maraɗi? Ba wasa muke yi ba, mun san akwai su a cikin wannan zaure. Yarjejeniyoyi suna bin mataki-mataki: a duba inda yake da gida na dindindin, in yana da shi a duka biyu, a duba inda iyalinsa da harkokinsa suka fi ƙarfi, in abin bai fito ba, a duba inda ya fi zama, sannan a duba ƙasar da yake ɗanta, in duk ya gagara, hukumomin biyu su zauna su sasanta. In babu yarjejeniya, babu wannan tsani, kowace ƙasa sai ta nemi kaso daga dukiyarsa gaba ɗaya.

A nan ne abin takaici yake. Nijeriya tana da irin wannan yarjejeniya da Ingila, da Faransa, da Kanada, da Sin, da Afirka ta Kudu da wasu, amma ba ta da ta ƙasa-da-ƙasa da maƙwabciyarta Nijar. Abin da ya zo ya cike gurbin shi ne yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka amince da ita a Disamba 2018, wadda Nijeriya ta fara aiki da ita a Janairu 2024. A wannan wata ne kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar fita daga ƙungiyar, fitar da ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. An gama ginin gada ke nan, kogi ya sake hanya. Shawararmu ita ce kada kowa ya gina lissafinsa a kan wannan yarjejeniya sai ya sami amincewar ofishin haraji a rubuce. Abin da ke hannu, wanda ba ya jiran yardar wata ƙasa, shi ne ɗebewar da dokarmu ta tanada.

Ita kuwa ɗebewar nan ba a yin ta da baki. Mutum ɗaiɗai hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa yake biya wa, mu ta Katsina ke nan, kuma ana shigar da bayanin shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris. Dole ya bayyana ribar Maraɗi a cikin bayanin. Ba zai ɓoye kuɗin ba sannan ya nemi sauƙi a kansu. Dole ya nuna rasit na ofishin harajin Nijar, mai ɗauke da sunansa, da irin harajin, da shekarar da aka biya dominta, da ranar biya, domin sai an juya sefa zuwa naira. Da Faransanci rasit ɗin zai zo, sai a nemi wanda ya iya ya karanta, a tabbatar harajin riba ne ba kuɗin lasisin buɗe shago ba.

Inda aka fi faɗuwa shi ne suna. Da yawa daga cikinmu sukan rubuta shagon Maraɗi da sunan ƙane ko suruki ɗan can, domin samun sauƙin takardu. Rasit sai ya fito da sunan surukin. A idon hukuma, wanda ya biya haraji a Maraɗi daban, wanda yake neman a ɗebe masa a Katsina daban, kuma babu abin da za a ɗebe. Wanda yake cikin wannan hali, ya gyara takardun shagonsa tun kafin shekarar ciniki ta gaba ta kama.